Yadda Za Ka Gane Wanda Zai Amsa Idan Kundin Tallar Hannun Jari Ya Yaudare Ka

Tun daga watan Maris na 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jari, naira biliyan 500 ga masu lasisin hulɗa da ƙetare da biliyan 200 ga masu lasisin ƙasa, tallar hannun jari ta sake cika gari. Wanda ya ga abin da ya faru a 2004 da 2005, zamanin da gwamnan Babban Banki na lokacin, Soludo, ya ce kowane banki ya kawo biliyan 25, ya san salon. Ma'aikacin banki zai miƙo maka fom, ya ce wannan dama ce da ba ta zuwa sau biyu, kai kuma ka cike ka biya. Wanda ya ga 2008 kuma ya san yadda farashi yake zubewa. Abin da yake damuna shi ne mutane da yawa sun yi asara ba su taɓa tambaya ba ko asarar kasuwa ce, ko kuwa asarar da wani ya jawo da maganar da ba gaskiya ba. Ta farko haƙuri ne maganinta. Ta biyu kuwa doka ta tanadi mutanen da za su amsa, kuma sunayensu suna rubuce a cikin takardar da yawancinmu ba mu buɗewa.

Takardar ita ce kundin talla, wanda 'yan kasuwar hannun jari suke kira furosfektos. Duk kamfanin da zai gayyaci jama'a su sayi hannun jarinsa sai ya fitar da shi, kuma sai Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari, wato SEC, ta yi masa rajista. Dokar da ta tsara wannan ita ce Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2007, wadda sabuwar doka ta 2025 ta maye gurbinta. Ga yadda ake bin lamarin daki-daki.

Mataki na farko: nemo kundin, ka adana shi tun ranar saye

Fom ɗin da ka cike ba shi ne kundin ba. Saƙon da aka tura maka a waya ma ba shi ba ne. Kundin littafi ne mai shafuka da yawa, ana samunsa a shafin intanet na kamfanin ko na gidan da ya shirya tallar. Akwai kuma taƙaitaccensa da ake haɗawa da fom. Sauke duka biyun ka ajiye, domin bayan an rufe talla ba kullum ake barinsa a shafi ba.

Haɗa shi da kwafin fom ɗinka, da shaidar biyan kuɗi, da takardar da ta nuna adadin hannun jarin da aka ba ka, da bayanin asusunka na CSCS, wato kamfanin da yake adana bayanan hannun jarin masu saye. Idan ta manhaja ka saya, ɗauki hoton allon wayarka. Waɗannan su ne za su nuna cewa kai tsaye daga tallar ka saya, kuma za ka ga a gaba cewa wannan ne ginshiƙin komai.

A bangon kundin akwai wata sanarwa da ya kamata ka karanta sau biyu. Tana cewa an yi wa kundin rajista a SEC, amma rajistar ba ta nufin hukumar ta ba ka shawarar ka saya, ba ta kuma ɗauke alhakin abin da ke ciki daga kan waɗanda suka rubuta shi ba. Sau da yawa nakan ji mutum yana cewa, ai gwamnati ta amince. Gwamnati ta duba cewa an cika sharuɗɗan bayani ne, ba ta tsaya wa kowa a kan gaskiyar kowane adadi ba.

Mataki na biyu: sa yatsa a kan maganar da ta yaudare ka

Ba a zuwa gaban hukuma a ce kawai an cuce ni. Sai ka nuna shafi, ka nuna jimla, ka nuna abin da ya saɓa mata. Kundin da Turanci yake zuwa, don haka ga kanun da za ka nema kamar yadda suke a rubuce: Use of Proceeds, inda aka faɗi abin da za a yi da kuɗinku, Claims and Litigation, inda aka lissafa ƙararrakin da ke kan kamfanin, Indebtedness, wato bashin da ake bin sa, da Risk Factors, inda aka jero haɗurran da ka iya tasowa. Sai rahoton akantoci a kan ribar shekarun baya.

A nan dole ka rarrabe abu uku. Akwai maganar da ta shafi abin da yake a ƙasa ranar da aka fitar da kundin, kamar a ce muna da lasisi, ko ba wanda yake bin mu bashin da ya wuce kaza. Wannan ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba, kuma ita ce mafi sauƙin kamawa. Akwai hasashe, kamar a ce muna sa ran ribar kaza baɗi. Rashin cikar hasashe shi kaɗai ba laifi ba ne, sai in an gano cewa masu hasashen ba su da wani dalili mai ƙwari, ko sun san abin da zai hana shi cika suka yi shiru. Sai kuma zaƙin baki na talla, irin su mu ne kan gaba a fagenmu, wanda ba kotun da za ta biya ka diyya a kansa.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne gaskiyar da aka jera ta don ta yi aikin ƙarya. Shari'ar da lauyoyi suke kawowa a kan wannan ta faru a Ingila a 1931. Lord Kylsant, shugaban kamfanin jiragen ruwa na Royal Mail, ya fitar da kundi a 1928 da ya nuna cewa kamfanin ya daɗe yana raba wa masu hannun jari riba shekara bayan shekara. Kowane adadi daidai ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne kamfanin ya yi shekaru yana faɗuwa a cinikinsa, kuma daga ajiyar da aka tara zamanin yaƙin duniya na farko ake ɗebo abin da ake rabawa. An ɗaure shi wata 12. Dokar Najeriya ta bi wannan tafarki: ana ɗaukar magana a matsayin mara gaskiya idan tana ɓatarwa ta yadda aka tsara ta da kuma muhallin da aka sa ta. Saboda haka idan kana karatu, kada ka tsaya ga abin da aka faɗa, tambayi kanka me aka bari a rufe.

Kuma maganar sai ta kasance mai nauyi, wato irin wadda za ta sa mai hankali ya saya ko ya fasa. Kuskuren lambar gidan wani darakta ba zai kai ka ko'ina ba. Ɓoye bashin da ya kai rabin jarin kamfani kuwa magana ce babba.

Mataki na uku: tabbatar kana cikin waɗanda doka ta kare

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Diyyar da doka ta tanada ta wanda ya sayi hannun jarin ne bisa dogaro da kundin. Idan a lokacin tallar ka cike fom aka ba ka rabonka, kana ciki. Idan kuwa bayan wata shida ka je wurin dillali ya saya maka a kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, daga hannun wani, matsayinka ya yi rauni ƙwarai. Tsohuwar ƙa'ida, wadda ta samo asali daga shari'ar Peek da Gurney ta 1873, ita ce aikin kundin yana ƙarewa da zarar an raba hannun jarin ga waɗanda suka nema. Wanda ya saya a kasuwa sai dai ya bi wasu tanade-tanaden, irin waɗanda suka haramta yaɗa bayanin ƙarya don motsa farashi, kuma hanyarsu ta fi tsawo.

Akwai kuma batun dogaro. Idan za a nuna cewa ka san gaskiyar lamarin kafin ka biya, ba ka da ta cewa. Haka nan idan abin da ya ja ka alkawarin bakin wani ma'aikaci ne, wanda ya ce maka kuɗinka zai ninka kafin sallah, alhali ba haka aka rubuta a kundin ba, to wannan ƙorafi ne a kan shi da gidan da yake wa aiki, ba a kan daraktocin kamfanin ba. Ƙorafi ne mai tushe, amma ƙofarsa daban.

Mataki na huɗu: buɗe shafin sunaye

A farkon kundin akwai shafin da ya jero daraktoci, da sakataren kamfani, da duk ƙwararrun da suka yi aikin tallar. Kafin a fitar da kundin ana yin zama na musamman inda waɗannan mutane suke sa hannu. Sa hannun nan ba ado ba ne, ɗaukar nauyi ne.

Sashe na 85 na dokar 2007, wadda ita ce take aiki lokacin tallar bankuna ta 2024, ya ɗora biyan diyya a kan duk wanda yake darakta lokacin da aka fitar da kundin, da wanda ya yarda a sa sunansa a matsayin darakta ko wanda zai zama darakta, da ma'aikacin kamfanin da ya sa hannu wajen haɗa kundin, da gidan da ya shirya tallar tare da manyan jami'ansa. Lambobin sassa sun canza a dokar 2025, don haka ka sa lauyanka ya duba wadda take aiki ranar da aka yi tallar da ka shiga.

Ina so in tsaya a kan daraktan da ake sawa don sunansa. Mun san al'adar: a nemi wani babba, mai sarauta ko tsohon babban jami'i, a sa shi a hukumar gudanarwa don jama'a su natsu. Shi kuma ba ya zuwa zama sai jefi-jefi, ba ya karanta lissafi. Doka ba ta ware masa kujera ta daban ba. Sunansa ne ya sa wata tsohuwa ta fito da ajiyarta, saboda haka daidai ne ya amsa tare da sauran. Duk wanda aka kawo wa irin wannan takarda don ya sa hannu, to ya karanta ta shafi-shafi, ya nemi a nuna masa hujjar kowane babban adadi, in ba a gamsar da shi ba ya janye a rubuce.

Ƙwararru kuwa, irin su akantocin da suka rubuta rahoto, da masu ƙiyasta darajar kadara, da injiniyoyi, nauyinsu yana da iyaka. Ba a sa rahoton ƙwararre a kundi sai da yardarsa a rubuce, kuma yana amsawa ne a kan abin da ya faɗa a matsayinsa na ƙwararre kawai. Idan mai ƙiyasi ya kumbura darajar fili, shi za a riƙe a kan wannan, amma ba za a tambaye shi ƙarar da aka ɓoye ba.

Mataki na biyar: san abin da za su kare kansu da shi

A 1889 an yanke shari'ar Derry da Peek a Ingila. Wani kamfanin taragon cikin gari a Plymouth ya rubuta a kundinsa cewa yana da ikon amfani da injin tururi maimakon dawaki. Gaskiyar ita ce ikon ya rataya ne a kan amincewar hukumar ciniki, daraktocin kuma sun ɗauka samunta ba wuya. Hukumar ta hana, sai a wasu sassan hanyar, kamfanin ya durƙushe. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce babu zamba, tunda daraktocin sun yi imani da abin da suka rubuta. Masu zuba jari suka tashi a tutar babu. Hukuncin ya tayar da ƙura har majalisa ta yi doka a 1890 da ta juya lamarin, kuma tsarin da muke bi a Najeriya daga can ya gangaro.

Amfanin wannan gare ka babba ne. Ba sai ka tabbatar cewa darakta ya yi niyyar cuta ba, abin da yake kusan gagara tunda ba ka shiga zuciyarsa ba. Kai dai ka nuna maganar ba gaskiya ba ce, ka dogara da ita, ka yi asara. Daga nan nauyi ya koma kansa. Zai kuɓuta ne in ya nuna yana da dalili mai ma'ana na gaskata maganar, kuma ya gaskata ta har zuwa lokacin rabon hannun jari. Ko ya nuna ya janye yardarsa kafin a fitar da kundin. Ko an fitar ba da saninsa ba, kuma da ya ji ya sanar da jama'a nan take. Ko ya gano kuskuren kafin rabo ya janye ya kuma sanar. Ko ya nuna maganar ta ƙwararre ce da yake da dalilin yarda da ƙwarewarsa, ko an kwafo ta daidai daga takardar hukuma.

Lura da kalmar sanar da jama'a. Daraktan da ya yi gunaguni a ɗakin taro ya koma gida ya yi shiru bai kuɓuta ba.

Mataki na shida: lissafa asararka da gaskiya

Mu ɗauki misali na ƙirƙira don mu ga yadda lissafin yake. Wata malamar makaranta ta sayi hannun jari 20,000 a kan naira 25 kowane ɗaya a tallar wani kamfanin sarrafa shinkafa, ta biya naira 500,000. Kundin ya ce babu wata babbar ƙara a kan kamfanin. Bayan wata takwas sai ya fito fili cewa tun kafin tallar wani banki ya maka kamfanin a kotu a kan bashin da aka jinginar da babbar masana'antarsa, kuma an kai wa sakataren kamfanin sammaci makonni kafin a sa hannu a kundin. Yau farashin ya sauko naira 14.

Hannun jarinta yanzu ya koma naira 280,000, don haka za ta ce ta yi asarar 220,000. Amma abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ta biya da ainihin darajar hannun jarin ranar da aka ba ta, da a ce an faɗi gaskiya. A ce ƙwararren mai ƙiyasi ya duba ya ce da an bayyana ƙarar, darajar ba za ta wuce naira 17 ba. To tazarar naira 8 ce, sau 20,000, ya zama naira 160,000. Sauran 60,000 kuwa lauyoyin kamfanin za su ce faɗuwar kasuwa ce gaba ɗaya, ko tsadar shanshera da ta shafi duk masu irin wannan sana'a, ba ruwan kundin. Hanyar gwada wannan ita ce a duba yadda farashin ya motsa a kwanakin da labarin ya fito, a kwatanta da yadda takwarorin kamfanin suka motsa a daidai lokacin.

Wa za ta riƙe? Daraktoci, domin da wuya su ce suna da dalilin gaskata cewa babu ƙara alhali sammaci yana ofis ɗinsu. Sai gidan da ya shirya tallar, wanda za a tambaye shi irin binciken da ya yi. Ranar da aka kai sammacin ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi a hannunta, kuma ana iya samun kwafinta daga rajistar kotun.

Tana da wata hanyar kuma, wato ta nemi a warware cinikin, ta mayar wa kamfanin hannun jarinsa ya mayar mata da 500,000 ɗinta. Wannan a kan kamfanin kansa ake nema, kuma ya fi diyya tsoka, amma yana da saurin kuɓucewa. Idan bayan ta ji labarin ta karɓi ribar shekara, ko ta je taron masu hannun jari ta kaɗa ƙuri'a, ko ta yi ƙoƙarin sayarwa, ko ta yi ta jan ƙafa, za a ce ta amince da cinikin. Idan kuma aka fara shari'ar rushe kamfanin kafin ta ɗauki mataki, ƙofar ta rufe, domin haƙƙin masu bin kamfanin bashi ya shigo. Shi ya sa ranar da ka ji labari, ranar ce ya kamata ka rubuta wasiƙa, kada ka taɓa komai na hannun jarin sai ka ga lauya.

Mataki na bakwai: bi ƙofofin bi da bi

Fara da wasiƙa zuwa ga kamfanin da gidan da ya shirya tallar. Faɗi ranar saye, da adadi, da shafin kundin, da abin da ya saɓa masa, da abin da kake nema. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Idan ba a amsa ba ko amsar ba ta gamsar ba, kai ƙorafi ga SEC, wadda hedikwatarta take Abuja, tana kuma da ofishin shiyya a Kano. Hukumar tana da ikon bincike da ladabtar da gidajen da ta yi wa rajista, kuma tana iya ganin takardun da kai ba za ka taɓa samu ba. Daga nan sai Kotun Musamman ta Zuba Jari da Hannayen Jari, wadda aka fi sani da IST, ita kuma hukuncinta ana ɗaukaka shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Doka ta kuma mai da fitar da kundi mai ɗauke da ƙarya laifi, da tara ko ɗauri, amma gurfanarwar aikin hukuma ne, kuma ɗaure darakta ba shi ne zai dawo maka da kuɗinka ba.

Malamar nan ita kaɗai, kuɗin lauya da na mai ƙiyasi zai iya cinye 160,000 ɗin da take nema. Amma jimlar da ta yaudare ta ita ce ta yaudari duk wanda ya cike fom ɗin. Ta nemi sauran ta hanyar dillalinta ko ƙungiyoyin masu hannun jari, su ɗauki lauya ɗaya da mai ƙiyasi ɗaya, kowa ya kawo fom ɗinsa da shaidar biyansa, a shigar da ƙorafin tare, kuma a yi hakan da wuri tunda doka ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara.